Gadar da Na Kasa Ginawa

Da muka gama aji uku, na zaɓi ajin kimiyya saboda jarumin wani littafin soyayya da nake haya a bakin kasuwa injiniya ne mai farar mota. Malamin lissafi ya tare ni a ƙarƙashin darbejiya.

"Kai da ko rabawa sai ka ciji yatsa? Wane darasi kake karantawa ba a sa ka ba?"

"Hausa da tarihi, Malam."

"To, can ne gidanka. Ka koma tun ba a yi nisa ba."

Na ƙi. Shekara uku ina fama da fiziks, ga ajin adabi ta taga suna wasan kwaikwayo. Da sakamako ya fito, Hausa kaɗai na ci. Abokaina na ajin adabi suka wuce jami'a, harabar Kongo, karatun lauya, ni kuwa na sake zaman jarrabawa.