Mai Kumfa da Firizar Yayarsa

A duk layin masu gyaran firji babu wanda aka taɓa kayarwa a musu irin yadda aka kayar da Mai Kumfa, kuma wadda ta kayar da shi ko sukurudireba ba ta iya riƙewa ba. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da ɗanyen kifi a wani shago mai ƙofa ɗaya. Babbar firizarta ta rage sanyi, ta aika a kira shi. Ya zo, ya durƙusa a bayanta, ya shafa wani bututu ya duba yatsansa, ya ce, "Yaya, gas ɗin yana zurarewa. Ki ba ni ita kwana biyu."

"Kwana biyu? Kifin kuma in yi masa fifita? Ka ƙara mata gas ka tafi."

"Ai gas ɗin firji ba ya ƙarewa. Zagayawa kawai yake yi a cikin bututu, ya tafi ya dawo. In ya ragu, to ƙofa ya samu."

"Na girki yana ƙarewa, man mota yana ƙarewa, haƙurina ma yana ƙarewa. Sai naka gas ɗin ne mai rai bakwai? Auta, ni na goya ka, kuma a lokacin kai ma zurarewa kake yi, ban kai ka wurin mai walda ba."

Masu sayen kifi suka fashe da dariya. Mai Kumfa, da furfurarsa a gemu, ya tattara kayansa ya fita.

Shi dai tun yana saurayi haka Allah ya yi shi, ba ya sauri. Shekara talatin yana aiki a wani shago da ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya tsaya a waje, matattun kwamfuresa, wato injinan firji, jere a kan kanta kamar tukwane. Sunan kuwa ya samo shi ne daga wata robar ruwan sabulu da burushi da ba ya rabuwa da su, na gano inda gas ke zurarewa. Matarsa takan ce da zai sami dama, ita ma sai ya shafa mata kumfa ya ga ta inda kuɗin cefane yake fita. Sau da yawa a kawo masa firji a ce gas ya ƙare, ya duba ya ga robar ƙofa ce ta saki, ko fanka ta tsaya, ko ƙura ta toshe bayansa. Ya gyara wannan, ya ce a ɗauka. Masu firji har haushi suke ji, wai bai yi aiki ba, tunda ba su ji ƙarar gas ba.

Yaya ta kira wani da ake ce wa Ɗan Sauri, mai yawo a babur da gwangwanin gas. Minti ashirin ya yi. Ya ɗaura wani ɗan famfo mai huda bututu, ya ɗura, firiza ta yi sanyi har tana hayaƙi. Wata biyu Yaya tana ba da labarin nan a duk inda dangi suka taru. Sai sanyin ya sake ja da baya. Ɗan Sauri ya dawo ya ƙara, ta yi mako uku. Ya sake ƙarawa, ta yi kwana tara.

A rana ta goma aka sauke mata kifi cike da mota, jarinta kaf. Kafin azahar ta danna wani da yatsa, yatsan ya lotsa. Ta kira Ɗan Sauri, wayarsa tana ta ringin ba a ɗauka. Sai ta yafa gyale ta tafi shagon ƙaninta da ƙafarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sama kamar mai neman adireshi.

Bai tuna mata komai ba. Ya tashi ya raka ta shagonta, ya bi layi yana roƙon makwabta, aka raba kifin a firiza huɗu, ragowar aka binne shi a ƙanƙara. Sannan ya buɗe tata ya ce, "Leƙo, Yaya. Kin ga ƙanƙara a kusurwa ɗaya kawai, sauran bangon yana gumi? Gas ɗin da ya rage iyakar inda yake kaiwa ke nan. Yaushe rabon da ki ji ta yi shiru?"

"Ta kai mako tana gurnani."

"Taɓa nan."

Ta taɓa kwamfuresar ta janye hannu tana yarfewa.

"Gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya ta. Babu shi, ga ta tana aiki ba hutu. Saura kaɗan ta ƙone, da sai dai ki sayi wata."

Ya nuna mata wurin da ya shafa tun ranar farko, wani baƙin danƙo da ƙura ta manne a kai. Mai ne, in ji shi, man kwamfuresa da ke tafiya tare da gas, duk inda gas ya fita sai ya bar shaida. Ruwan kifi ya daɗe yana ɗiga a kan bututun ƙarfen har tsatsa ta ci shi. Ya zuƙe ɗan gas ɗin da ya rage, ya ɗura iskar gwaji wadda ba ta kama wuta, ya shafa kumfarsa. Shiru. Can sai ƙwan kumfa ya taso, ya kumbura, ya fashe, wani ya biyo. Ya shafa a famfon Ɗan Sauri, nan ma kumfa ta tashi. Ƙofa ɗaya aka samu, an ƙara mata ta biyu.

Ya saki iskar, ya wangale ƙofar shagon kafin ya kunna wutar walda. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabo, ya cire famfon ya liƙe, ya canza filta. Ya sake ɗura iskar gwaji ya bar geji mai auna ƙarfin iska a kai har washegari, allurar ba ta motsa ba. Sai ya sa injin zuƙo ya fitar da iska da danshi, ya ɗora tukunyar gas a sikeli ya auna daidai abin da aka rubuta a jikin firizar. Yaya dai tana zaune a kan bokiti, kwana biyu cur ba ta ba kowa shawara ba, abin da dangi suka ce ba a taɓa gani ba.

Ana mayar da kifin, firiza ta yi sanyi ta ɗauke da kanta, sai ga babur. Ɗan Sauri ya sauko da gwangwaninsa yana washe baki.

"Hajiya, na ga kiranki. Ai da kin jira ni! Oga, kai ma ka sani, gas ɗin zamanin nan ba shi da ƙarfi, cinyewa yake yi. Kowane firji yana buƙatar ƙari lokaci-lokaci."

"Kowanne?" in ji Mai Kumfa.

"Kowanne, wallahi."

Yaya ta kalli wannan ta kalli wancan, har ta fara tantama. Mai Kumfa ya ci gaba da naɗe tiyonsa a hankali, ya dubi Ɗan Sauri.

"Firjin da ke ɗakin matarka ni na sayar maka, bana shekara tara. Ko sau ɗaya ba ka ƙara masa ba. Shi azumi yake yi?"