Barka da Sallah Ga Abokin Bencina

Benci ɗaya muka yi da shi a sakandare a Daura. Shi ke yi min lissafi, ni in rubuta masa insha'i. Da muka gama sai ya kama fatauci ta bodar Kongolam, ni kuma na zama malamin firamare, tun daga nan labari ya yanke. Ba faɗa muka yi ba.

Ana gobe Babbar Sallah na haɗu da ƙanensa a kasuwar dabbobi ta Mai'adua. Ya ba ni lambar yayan nasa.

"Yana wani ƙauye wajen Baure yanzu," ya ce. "Bai cika ɗaukar waya ba, Malam."

Shi ya sa ban kira ba. Kira yana tilasta wa mutum magana, gaisuwar Sallah kuwa ko baƙo ana yi wa. Na bari har washegarin Sallah, da aka gama suyar nama. Ban tura masa hoton nan mai jinjirin wata da kowa ke turawa ba. Na fara rubuta "ka manta da mu", na goge, don ya yi kama da zargi. Na rubuta "me kake yi yanzu", shi ma na goge. Abin da ya saura: sallama, sunana, ajinmu, sannan "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na tuna da kai ne kawai."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya daina. Sai bayan kwanaki amsa ta zo: "Amin. Na gode." Ban matsa ba.

Da Ƙaramar Sallah ta zagayo na sake gaishe shi. Wannan karon ya turo murya. Da ƙyar na gane ta, harshen ya yi nauyi. Ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙaba min a aji, har na yi dariya ni kaɗai. Ya ce tun da aka rufe boda harkarsa ta tsaya, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Da hagu yake lallaɓa wayar.

Na ce zan hau babur in zo Juma'a.

"Don Allah kada ka zo," ya ce. "Duk wanda ya zo, fuskarsa nake kallo tana canzawa. Gaisuwar ta ishe ni."

Na nemi ƙanen ya roƙar min shi. Ya ce ko 'yan'uwa a zaure suke tsayawa su juya.

Daga Daura zuwa Baure ba nisa, amma ban je ba. Duk Sallah ina gaishe shi. Muryar ta daina zuwa, aka koma "Amin" a rubuce, kuma yanzu ina jin matarsa ce ke rubutawa. Saƙon bana ko buɗewa ba a yi ba. Na ga ƙanen a masallaci makon jiya, na tambaye shi jikin. Yana cikin neman takalminsa ya ce da sauƙi.