Kumatun Taubashiyata

Har yau idan hamma ta zo mini sai na tallafe haɓata da hannu. Inna ta ce abin ya wuce, in daina. Ni dai hannuna bai yarda ba.

Shekarar da na gama makarantar 'yan mata a Kano na dawo Azare da zazzaɓi a jikina. Da ya sake ni, kumatuna sun lotsa, ƙashin muƙamuƙina ya fito kamar bakin ƙwarya. Na daina duba madubi.

A lokacin ne 'yar kawuna ta gama wankan jego. Taubashiyata ce, tun muna yara muke tsokanar juna, kuma ba mai shiga tsakaninmu. Ta shigo gidanmu fuska cike, tana sheƙi.

"Ke 'yar boko, wa ya kwashe miki kunci? Ko a makarantar kika bar shi?"

Na tambaye ta yadda ta yi nata. Mijinta kuku ne a gidan wani Bature, ta ce ta taɓa leƙen matar gidan tana motsa fuska a gaban madubi, wai dabarar mutanen Indiya ce. A cika baki da iska a riƙe, a tura leɓe gaba, sannan a wage baki iya wagewa a zaro harshe. Ta rantse shi ya ciko mata fuska.

Ni da aka koya wa sassan jiki a aji, na san kunci kitse ne a kan 'yar siririyar tsoka, kuma motsi ba ya kawo kitse, ba ya sake ƙashi. Amma ina son fuskata ta dawo. Na yi ta yi a bayan rumbu, safe da yamma. Babu abin da ya ƙaru sai ciwo a gindin kunne da wani ƙas-ƙas in ina tauna. Na gaya mata, ta ce, "Ragwanci ne. Ƙara wagewa."

Na ƙara. Wata rana da hantsi na ji ƙarar abu a kunnena, bakin ya ƙi rufuwa. Na danna da hannu, ya ƙi. Yawu yana zuba a zanena, ina kiran Inna, sautin da ke fita ba na mutum ba ne. Mata suka cika tsakar gida, wata tana cewa iska ce ta mare ni, a kawo hayaƙi. Na ɗauka haka zan ƙare. Kawu ne ya lulluɓe ni da mayafi ya kai ni asibiti. Malamin asibitin ya naɗe manyan yatsunsa da ƙyalle, ya ɗora a kan turamen haƙorana, ya danna ƙasa ya tura baya. Muƙamuƙin ya koma. Ya ɗaure mini haɓa, ya ce kunu kawai har ya warke.

Kafin a kwance ɗaurin, taubashiyata ta riga ta kwaikwayi fuskata a bakin rijiya. Yara suka sa mini suna Wage. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi."

To. Ban yi fushi ba, na jira.

Na tafi wurin kakata a Bulkachuwa na yi damina. Fura da nono, man shanu a tuwo, barci. Ko sau ɗaya ban motsa fuska ba, kumatuna suka dawo da kansu. Ita kuwa taubashiyata, kunun kanwa da naman jego sun ƙare, ga goyo yana tsotsa, ga azumi ya wuce ta kanta. Da na dawo na same ta ta zabge, duk da kullum tana hura kunci, har tana koya wa ƙannenmu a bayan rumbu.

Ranar sunan ɗan yayarmu, mata sun cika ɗakuna har tsakar gida, na ɗaga murya.

"Gwaggo, kun ga kumatuna? Wannan malamar ce ta ce tana da maganinsu. Taubashiya, tashi ki nuna wa iyayenmu."

"Ke Wage, bar ni."

"Au, rowa za ki yi mana? Ko maganin ya ƙi mai shi?"

Tsofaffi suka sa baki, sai ta nuna. Ba ta da hanyar ƙi. Ta tsaya ta cika baki da iska, kumatun suka yi tim, ta saki, suka koma ramukansu. Ta tura leɓe. Da ta zo kan wagewa sai ta buɗe kaɗan, ta tsaya, idonta a kaina. Tsoro take ji.

Na ce, "Ragwanci ne. Ƙara wagewa."

Ta kasa. Gwaggo ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, ta ce, "Ashe kunun kanwa ne malamin, ba ke ba!"

Daga ranar ƙannenmu suka daina zuwa bayan rumbu, yara suka koma kiranta Hura. Ta kai ƙara wurin Inna. Ina daga ɗaki na ji amsar da aka ba ta, na yi dariya, hannuna a ƙarƙashin haɓa.