Allunan Attahiru Tela

A kasuwar Bodinga, shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, ba wanda bai san rumfar Attahiru Tela ba. Ɗinkinsa ba laifi, sai dai zuciyarsa ba ta kan keken ɗinki. Duk motar gyaɗa da ta wuce sai ya ɗaga ƙafa, ya bi ta da ido har ƙura ta kwanta. Shi da bakinsa yakan ce ya fi shekara goma yana tuƙi a kan kujerar ɗinki, bai taɓa buge ko akuya ba.

Da ya ji wani tsohon direban soja, Mode, ya buɗe makarantar koyon tuƙi a Shagari da tsohuwar lori guda, sai ya je ya ba da sunansa. Ya tafi Sakkwato aka ɗauke shi hoto, ya yanko takardar lana, wato izinin mai koyo, ya dawo yana jira.

Ran Litinin wani ɗan kasuwar albasa ya kawo masa takarda daga makarantar. Ga abin da ke ciki: "Attahiru Tela, Bodinga. Koyonka na farko ranar Laraba, ƙarfe bakwai na safe. Mu haɗu bakin gada, hanyar Shagari. Ka zo da takardar lana, da takalmi mai igiya, da allo biyu na kwano, farare masu jan L."

To, Attahiru wata uku ya yi a ajin yaƙi da jahilci, ya fito yana gaya wa mutane boko ba wuya. Rubutun Mode kuwa haɗe yake kamar sawun tururuwa. Ya juya takardar, ya tsinci abin da ya tsinta, ya tsallake sauran.

Matarsa Hajara ta ce, "Malam, ka kai ma Nuhu malamin asibiti shi duba maka mana."

Ya ce, "Wagga 'yar takarda? Laraba, bakwai, bakin gida. Har ƙofa za su zo ɗauka ta. Sun ce in zo da allo biyu, ai makaranta ce."

Ya sayi sababbin alluna biyu wurin masassaƙi, ya ari takalmin wani ɗan doka. Ran Laraba tun da hantsi bai yi ba ya fito ƙofar gida cikin babbar riga, allo a kowace hammata. Maƙwabta suka taru su ga motar da za ta zo ɗaukar tela. Rana ta ɗaga, takalmi ya fara cizo, aka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya. Har wajen ƙarfe tara abin da ya biyo ta ƙofar jaki ne da kayan kara.

Nuhu ya zo wucewa a kan keke. Attahiru ya miƙa masa takardar yana kallon gefe. Nuhu ya karanta a fili, da ya zo kan "gada" ya ɗan dakata. Hajara ce ta yi tari daga zaure.

Attahiru ya tattare riga ya kama hanyar gada da ƙafa, mil biyu. Ya tarar da lorin a inuwar tsamiya, Mode zaune a kan matakala, sauran masu koyo biyu sun riga sun yi nasu zagayen.

Mode ya dubi agogo, ya dubi allunan. "Malam Attahiru, wace sura munka tsaya?"

"Ranka shi daɗe, nan na tsaya, bakin gida."

Mode ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma ya ce doka ba ta yarda mai koyo ya hau titi ba alama gaba da baya, kuma alamun aro aka yi wa sauran koyo da su yau, mai su ya riga ya karɓe. Da ya ga allunan ba a taɓa rubutu a kansu ba, sai ya ɗauko farin fenti da ja daga akwatin kayan aiki, ya shafe su, ya zana L, ya jingine su a rana. Kafin su bushe ya duba takardar lana, ya sa Attahiru ya tuɓe babbar riga, ya nuna masa kuloci da birki da totur, ya koya masa tayar da inji da handil, ƙarfen da ake juyawa a gaban mota, ba tare da ya karya babban yatsa ba. Sannan aka ɗaure allunan da waya. Sau bakwai motar ta mutu a hannunsa kafin ta yarda ta motsa a giya ta ɗaya, Mode na faɗin, "Hagu, hagu za ka riƙe, ba gonar mutane ba."

A gwaji na biyu ya sami lasin. Ya bar wa ƙanensa keken ɗinki, ya yi shekara ashirin da biyu yana jigilar albasa da gero tsakanin Shagari da Sakkwato, har idonsa ya raunana ya koma Bodinga ya zauna. Hajara ta riga shi rasuwa da shekara huɗu. In ana hira aka tambaye shi wa ya fi ba shi tsoro a hanya, 'yan sanda ko gangaren damina, sai ya ce ita, don ko sau ɗaya ba ta yarda ta shiga motarsa ba.