Goggo Ƙugiya a Kan Kwali

Duk wanda ya yi aji uku a makarantar nan ya san rular Goggo Ƙugiya. Ba ta dukan kowa da ita, tebur take bugawa, amma wallahi gara dukan. Sunan kuwa yara ne suka laƙa mata, domin rabin rayuwarta a kan haruffa uku ta ƙare shi: ɓ, ɗ da ƙ.

Akwai wasu tsofaffin littattafan labarai a kabad ɗin ajinta, na zamanin da ba a fara buga haruffa masu ƙugiya ba. A cikinsu ɗan waƙafi ake ɗorawa a sama bayan harafi, sai ka ga b', d', k'. Ranar farko takan rubuta k'asa a allo, ta rubuta ƙasa a gefensa, ta ce, "Mutum ɗaya ne, riga ya sake. In kun ga waƙafi bayan b ko d ko k, ku ɗauke shi ku lanƙwasa a kan harafin. Amma na cikin sa'a da jama'a, kul wani ya taɓa shi, gidansa ne nan." Mako bai cika ba yara sun kama, sai dai masu taurin kai, su kuwa rula na jiran su.

Ta yi ritaya, ido ya soma yi mata gardama. Duk da haka takan lallaɓo makaranta ta zauna a bayan aji, wai ta zo shan iska. Wace iska? Littattafanta take gadi.

Rannan maigadi ya tsegunta mata cewa sabon hedimasta ya sa an kwashe su a kwali, za a ƙona tare da shara bayan an tashi. Hedimastan nan kuwa ɗalibinta ne, ita ta sha share masa hanci. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ja sandarta har bayan ofis, ta lalubi kwalin kusa da tulin shara, ta hau ta zauna daram.

Hedimasta ya fito da sauri, ya rusuna. "Goggo, lafiya? Ga kujera a ciki."

"Wannan ta ishe ni, ranka ya daɗe. In za a kunna, a kunna da ni."

"Haba Goggo, wane irin ranka ya daɗe kuma? Ba raini ba ne. Sabbin malamai na kuka, yara na tuntuɓe. Su ga d'aki su karanta daki, gobe kuma su rubuta mana waƙafi a jarrabawa a kayar da su. Takardun ma sun mutu, gara ta ci rabi."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiya ce. Amma ta ce, "To sababbin da za ka ba su fa, suna ina?"

"An ce za a kawo."

"Tun ina da haƙora ake cewa za a kawo."

Malamai suka fara leƙowa ta taga. Hedimasta ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. Ya sa hannu ta gefen kwalin da ya yage, ya zaro littafi ɗaya, ya buɗe a gabanta. "Goggo, ki yi haƙuri, ke kanki yanzu kina ganin waƙafin nan?"

Ta kawo shafin dab da hancinta. Ba waƙafi ba, ko layukan ma hazo-hazo take gani. Maganar ta soke ta. Ta miƙa masa littafin.

"Ba na gani. Kai da kake gani, karanta mini."

Ya so ya ƙi, amma bai taɓa iya cewa a'a ga muryar nan ba. A shafin an rubuta: D'an b'era ya lek'o ta k'ofar d'aki. Bakinsa ya zuba, "Ɗan ɓera ya leƙo ta ƙofar ɗaki," ko numfashi bai ja ba. Ya wuce layi na biyu, na uku, har ya manta a tsaye yake a bakin shara.

"Ya isa," in ji Goggo. "Kai ma kana yaro da daki ka fara, na ji da kunnena. Ido ne ya tafi, kunnen yana nan. Ka turo mini masu tuntuɓen."

Ya rufe littafin a hankali. "Ba za su koma aji ba fa, Goggo. Wannan na riga na yanke."

"Wa ya roƙe ka aji? Ina da ɗaki."

Ya kira maigadi ya ɗauki kwalin, Goggo ta daka wa hedimasta tsawa: maigadi ta koya wa karatu? Haka hedimasta ya tuɓe hula, ya ɗora kwali a ka, ya bi ta ƙofar makaranta yara na kallo. Goggo na gaba tana dogara sanda, tana cewa ya bi a hankali, gindin kwalin ya jiƙa.