Abin da Mma Ta Faɗa Tubani Yana Kan Wuta

Gyaran waya nake yi a wani ɗan shago bayan kasuwa, amma akwai shekarar da bidiyon girki ya shiga kaina. Na ga yara a unguwar Kaladan suna ɗora wayarsu a kan tukunya, mutane dubbai suna kallo, sai na ce ai ni a gidanmu aka haifi tubani. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta sayar da shi a ƙofar gidanmu na unguwar Sabonjida tun kafin in san hannun damana. Da ƙafafunta suka fara kumbura ne ta ajiye sana'ar.

Wani abokina da ke ɗaukar hoton biki ya koya mini cewa ba a fara ɗauka sai an rubuta tsari. Na raba takarda gida uku: abin da ido zai gani, abin da zai fito a rubuce a fuskar waya, da abin da murya za ta ce. Kowane layi da daƙiƙoƙinsa, duka kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Daƙiƙa uku na farko, tubani a yanke ana zuba masa mai da albasa, don kada mai kallo ya wuce. Sai jerin kayan haɗi ya hau: garin wake kofi huɗu, kanwa, ruwa, ganyen naɗi, man gyaɗa, albasa, yaji, gishiri. Sai hannu yana tace ruwan kanwa, daga kusa. Sai hannu yana buga ƙullu, daga sama. Sai naɗi. Sai jera kara a gindin tukunya don kada ruwa ya taɓa ganyen. Daga nan na rubuta da manyan baƙaƙe: A YANKE HOTO. BAYAN MINTI ARBA'IN. Ban rubuta fuska ko a layi ɗaya ba. Murya kuwa tawa ce, zan ɗora ta daga baya a ɗaki, inda babu kukan akuya da ƙarar injin niƙa.

Da na kai wa Mma maganar, ta ƙi.

"Tsofai-tsofai da ni za ka kai ni kasuwar waya? Je ka nemi matarka."

"Mma, ita nata tubanin in an jefi kare da shi sai ya yi ƙara."

Ta yi dariya har da tari. Can ta tambaye ni, "Wannan abin, har Takoradi ana gani?"

Na san abin da take nufi. Ƙanwata, autarmu, a garin take aure, can kudu mai nisa. Lokacin rasuwar mahaifinmu ba ta iso ba sai bayan sadakar uku, Mma kuwa ta dube ta a gaban mata cike da tsakar gida ta ce ita ba ta da 'ya a kudu. Tun daga ranar magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. In na haɗa su a waya, "ina kwana" ce da "ya yara", shi ke nan sai in karɓe wayar. Mma ba ta iya ba da haƙuri ba, auta kuma ta gado ta.

Na ce, "Har Makka ma ana gani."

Ta ce, "To, Asabar."

Ranar Asabar da hantsi na fito na tarar ta yi wanka, ta sa kwalli, ta yafa farin mayafinta na zuwa Idi. Na ga kwalliyar, na kuma san takardar da ke aljihuna ba ta da wurin fuska, amma ban gaya mata ba. Na ɗaure wayar a jikin sanda, na gicciya sandar a kan kujeru biyu a inuwar mangwaro, idon wayar yana kallon cikin kwano. Abin da na ce mata kawai shi ne ta naɗe hannun riga.

Aikin ya yi mata wuya, ba don girkin ba. Ita ba ta san a tsaya a sake ba. Ta tace kanwa, na ce inuwar kanta ta faɗa cikin kwano, a sake. Ta fara buga ƙullu, hannunta yana juyawa yana ɗagowa har ƙullun ya yi fari ya tashi, na ce ta rage sauri. Ta ce in aka rage sauri iska ba ta shiga, tubani ya yi nauyi. Na ce na daƙiƙa biyar ne kawai. Da na auna garin da kofi don ya dace da abin da zan rubuta, ta harare ni.

"Kofi! Shayi za mu sha?"

Kowane mataki ina danna ɗauka, in ƙirga daƙiƙoƙin da na rubuta, in kashe. Ita kuwa tana ta magana, ba da ni ba, da wayar. "Ke, kina gani? Kanwa in ta yi yawa ɗaci, in ta yi kaɗan dutse." Ban damu ba, tunda na san zan cire sautin.

Muka jera ƙunshin a kan kara, ta rufe da ragowar ganye, ta kifa murfi, aka ƙara gawayi a kurfoti. Na duba wayar, caji ya yi ƙasa, kuma tun safe babu wuta a unguwar. Saura mini hoto biyu mafi muhimmanci, buɗe ganye tururi yana tashi, da zuba mai. Na kwance wayar daga sanda na jingina ta da turmi, a kashe.

Mma ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zauna daidai gaban turmin. Ta gyara mayafi, ta goge hannu a zane.

"Tana ɗauka?"

Na ce, "Tana ɗauka, Mma."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ko kuwa na sani: ina gudun ta ce sai an kunna, cajin ya ƙare, aikina ya lalace. Na ɗauka surutun girki za ta ci gaba da yi. Na koma bakin zaure da takardata da biro ina gyara kalmomin da zan faɗa, ina gwada su a baki don su shiga cikin daƙiƙoƙinsu.

Ta yi magana kusan duk tsawon dahuwar. Muryarta ƙasa-ƙasa, wani wuri da Hausa, wani wuri ta juya Dagbanci, harshen uwarta, wanda ba ta cika yi ba sai abu ya kai mata zuciya. Sau ɗaya na ɗaga kai na ga tana share ido da bakin mayafi. A lokacin ne ya kamata in tashi. Taku biyar ne tsakanina da turmin. Amma in na kunna a gabanta za ta gane da can a kashe take, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Ƙamshi ne ya tashe ta, ba agogona ba. Ta ce ya yi. Na ɗauki buɗe ganyen, tururi ya rufe idon wayar, na goge, muka buɗe wani. Na ɗauki zuba mai. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Da za ta shiga ɗaki ta ce, "Wancan na zaune, ba na kasuwa ba ne. Ita kaɗai za ka tura wa."

Na ce to.

Bidiyon ya fita bayan kwana biyu, mutane suka kalla, wasu suka yaba hannun tsohuwa, wasu suka yi gardama a kan kanwa. Mma ba ta nemi gani ba. Abin da take tambaya kullum in na shigo gaishe ta shi ne, "Ka tura?" Na ce yana da nauyi, sai na sami intanet mai ƙarfi. Wani satin na ce ina gyara sautin. Daga baya na ce na tura.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba tukuna."

Mma ta gyaɗa kai ta juya fuska bango. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi muni, domin ta sa uwa ta zaci ta miƙa hannu an ƙi karɓa. Kullum ina cewa gobe zan zauna in faɗa mata gaskiya, in kunna waya ta sake. Ina gyara wayoyin mutane da rana ina shirya yadda zan fara, in na dawo na ga fuskarta sai in tambaye ta jiki kawai. Wajen wata biyu muna haka. Kumburin ya hau har ciki, aka kwantar da ita a asibiti, numfashi ya gagare ta balle doguwar magana. Ranar wata Laraba da azahar ta cika.

Wannan karon auta ta kwana a mota, ta iso kafin a ɗaga gawa. Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, ta same ni a tsakar gida. Matata ce ta gaya mata, da kyakkyawar niyya, cewa Mma ta bar mata saƙo a wayata.

"Yaya, ba ni in gani."

Na kunna mata bidiyon tubanin. Ta kalli hannun Mma yana buga ƙullu, ga rubutu yana hawa, ga muryata a kai ina cewa a bar shi minti arba'in. Ta kalla har ƙarshe.

"Ba wannan ba. Wanda ta zauna."

Na daɗe ina tanadin amsa. Zan iya cewa wayar ta lalace, wa zai musa wa mai gyaran waya? Zan iya kuma ƙirƙiro mata kalmomi masu daɗi in ce na ji da kunnena, ta tafi da su Takoradi ta rayu da su. Har na buɗe baki da niyyar haka. Amma sai na gaya mata gaskiyar yadda aka yi, tun daga caji har zuwa "na tura".

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To me ta ce? Kana wurin ai."

"Ina bakin zaure."

"Ba ka ji komai ba?"

Na ce abu biyu na tsinta. Na ji ta ambaci ranar da aka haife ta, wai ana ruwa. Na kuma ji ta ce, da Dagbanci, "bakina ne", sai babur ya wuce a waje ban ji sauran ba.

"Bakina ne me?"

"Ban sani ba."

"Ka tuna, Yaya. Bakina ne ya yi zafi? Bakina ne ya jawo? Ko bakina ne, kuma ban janye ba?"

Na ce wallahi ban sani ba. Ta sa na maimaita kalmomin yadda na ji su har sau uku, da muryar da aka faɗe su, ko ta tashi ko ta sauka. Na yi iya ƙoƙarina, amma a karo na uku ni kaina ban ƙara tabbata ba ko tunawa nake ko ƙirƙira.

Ta miƙo mini wayar. Washegari da sassafe ta hau motar kudu. Na ce zan kai ta tasha a babur, ta ce ta riga ta kira mai keke mai ƙafa uku.

Muna gaisawa yanzu, ranar Juma'a. Wani lokaci, bayan mun gama tambayar yara, sai ta ce, "Ba ka tuno komai ba?" Ina ce mata a'a, domin ban tuno ba.