Wandon da Ke Jiran In Girma

Wani tela a Wurno ya auna ni, ya rubuta awon da alli a bangon shagonsa. Da ɗinkin ya iske ni Goronyo, hannun kaftani ya haɗiye yatsuna, wando kuma yana sharar ƙasa.

Na rubuta mashi takarda, na ba ɗan kabu-kabu ya kai: "Malam tela, sannu da ƙoƙari. Ni ka auna ko giginya? In buhun albasa ka ɗinka, faɗa mani in zuba."

Ɗan saƙon ya dawo da amsa: rufi ya yi yoyo, ruwa ya wanke awona, sai tela ya ɗinka da na wani dogon makiyayi. Wai mi ne abin fushi, ai zan girma.

Lokacin ina da jikoki.